Idan aka ƙayyade farashin masara, ina sauran buhunan suke tafiya?

Duk lokacin da kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi maganar da za ka fi ji a majalisa da gidajen rediyo ita ce wai me zai hana gwamnati ta ƙayyade farashi kawai, a ce buhun masara kaza ne, duk wanda ya ƙara ko sisi a kama shi. Kuma maganar ba a majalisa kaɗai ta tsaya ba, a watan Fabrairun 2024 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ba gwamnati kwana bakwai ta ƙayyade farashin kaya irin su madara da fulawa da gishiri da sukari da man fetur, bayan ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar yana kafa hujja da dokar ƙayyade farashi ta 1977. A cikin wannan watan ne kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a wajen Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ni ban ga laifin wanda yunwa ta sa ya nemi a ƙayyade ba wallahi, mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata dole ya nemi wanda zai tsawata wa kasuwa. Amma ra'ayina shi ne a kaya irin hatsi, wanda dubban manoma da 'yan kasuwa ke kawowa, ƙayyade farashi yana ƙona wani abu da ba ya shiga aljihun kowa, kuma galibi talakan da aka yi domin shi ne ke kwasar kaso mafi nauyi. Bari in nuna da lissafi domin maganar ba ta zato ba ce.

Da farko dai sai mun fahimci rara iri biyu da ke cikin kowane ciniki. Ga magidanci ya shiga kasuwa, gidansa babu hatsi, a ransa ya ƙudura ko buhu ya kai dubu 80 zai saya, sai ya tarar ana sallamawa dubu 60. To dubu 20 ɗin nan da ya yi shirin biya amma bai biya ba ita ce rarar mai saye. Ga kuma manomi, ya lissafa taki da iri da 'yan ƙwadago da kuɗin mota, ya ga in dai ƙasa da dubu 45 ne gara ya bar kayansa a rumbu, sai aka saya dubu 60, dubu 15 ɗin da ta hau kai ita ce rarar mai sayarwa. Ciniki ɗaya kenan ya haifar da amfanin dubu 35 tsakanin mutum biyu. Abin da nake so a riƙe a nan shi ne farashi shi ke raba wannan 35 ɗin tsakaninsu, in an sauke shi mai saye ya ƙara samu mai sayarwa ya rage, amma jimlar tana nan daram matuƙar cinikin ya faɗa. Ranar da cinikin bai yiwu ba kwata-kwata, ranar ce 35 ɗin ke ɓacewa.

Yanzu mu ɗauki kasuwa guda a matsayin misali, alƙaluman ni na tsara su domin lissafi ya yi sauƙi, ba farashin wata kasuwa ba ne ta gaske. Ɗauki takarda ka ja layi a tsaye na farashi, ka ja wani a kwance na yawan buhunan da ake sayarwa a mako. Layin masu saye yana farawa daga sama a dubu 100, wato wanda ya fi kowa matsuwa iyakar abin da zai biya kenan, sai ya riƙa gangarowa, duk ragin dubu 4 yana jawo ƙarin masu neman buhu 100. Layin masu kawo kaya kuma daga ƙasa yake tashi a dubu 20, duk ƙarin dubu 4 yana sa a ƙaro buhu 100, domin farashi in ya yi kyau har na ƙauye mai nisa da kuɗin mota ya yi masa yawa zai ɗauro kayansa. Layukan biyu za su haɗu a dubu 60 da buhu 1,000.

Rarar masu saye ita ce alwatikar da ke saman farashi ƙarƙashin layinsu, tsayinta dubu 40 faɗinta buhu 1,000, rabin 40,000 sau 1,000 ya ba ka naira miliyan 20. Ta masu sayarwa ita ce wadda ke ƙasan farashi saman layinsu, ita ma miliyan 20. Kasuwar gaba ɗaya tana samar da amfanin miliyan 40 duk mako.

Sai gwamnati ta ce daga yau buhu kada ya wuce dubu 40. Ja layi a kwance a kan dubu 40, ka bi shi daga hagu zuwa dama, layin da zai fara cin karo da shi na masu kawo kaya ne, a kan buhu 500. In ka ci gaba sai can a buhu 1,500 zai taɓa layin masu saye. Wato mutane na neman 1,500 amma 500 ne a ƙasa, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa a jarrabawa, har da manyan masu sharhi ma, domin sai su ɗauki 1,500 a matsayin abin da za a saya tunda kaya ya yi araha. Ina! Ba a sayen abin da ba a kawo ba. Kullum ƙaramin adadin shi ne cinikin da ya faru, kuma daga kansa ake fara duk wani lissafi.

To daga kan buhu 500 ɗin nan ja layi a tsaye ya tafi sama. Zai ratsa layin masu kawo kaya a dubu 40, ya ci gaba har ya taɓa layin masu saye a dubu 80. Yanzu duba dama da wannan layin, za ka ga wani fili mai kusurwa uku, gefensa na hagu shi ne tazarar dubu 40 zuwa dubu 80, bakinsa mai tsini kuma yana nuna wurin da layukan biyu suka haɗu tun farko a buhu 1,000. Wannan ita ce alwatikar asarar da ba ta shiga aljihun kowa, masana tattalin arziki suna jingina ta ga Arnold Harberger saboda aikin da ya yi a 1954 na auna irin wannan asara. Girmanta rabin 40,000 sau 500, wato miliyan 10. Wasu sukan yi kuskuren shafa wa filin da ke tsakanin 500 da 1,500 fenti gaba ɗaya su ce shi ne asarar, alhali abin da ya wuce 1,000 dama can ba cinikin da za a yi ba ne, domin kuɗin noma waɗancan buhunan ya fi abin da masu neman su za su iya biya. Asarar tana tsakanin sabon adadi da tsohon adadi ne kawai.

Kada zanen ya ɗauke mana hankali daga mutanen da ke ciki. A cikin alwatikar nan akwai buhu na 700 misali, manomin da ke da shi zai sallama a dubu 48, akwai kuma mai abincin sayarwa da za ta biya har dubu 72 ta kuma ci riba, da an bar su da sun daidaita a 60 kowa ya tafi da dubu 12. Doka ta ce 40, manomi ya ce ba zai faɗi da dubu 8 ba, ya ɗaure buhunsa. Shi bai samu ba, ita ba ta samu ba, gwamnati ma ko kwabo ba ta karɓa ba, ba kamar haraji ba da aƙalla wani abu ke shiga baitulmali.

Mu dawo kan buhu 500 da aka sayar. Da a dubu 60 ake sayen su yanzu 40, ragin dubu 20 sau 500 miliyan 10 kenan da ta tashi daga hannun masu sayarwa ta koma hannun masu saye, a zane za ka gan ta kamar akwati mai kusurwa huɗu tsakanin tsohon farashi da sabo. Wannan ba asara ba ce, canza hannu ta yi, kuma ita ce dama abin da masu neman a ƙayyade suke hange. Idan ka tattara, masu sayarwa sun tashi daga miliyan 20 sun koma 5, domin sun rasa akwatin na miliyan 10 sun kuma rasa rabin alwatikar na ƙasa, miliyan 5. Masu saye sun karɓi akwatin amma sun rasa rabin alwatikar na sama, sun tashi daga 20 zuwa 25. Jimla 30 maimakon 40. Wato an karɓe wa manomi miliyan 15 domin a ƙara wa mai saye miliyan 5, sauran 10 ta bi ruwa.

Sannan wannan asara ba a hankali take girma ba. A kasuwar nan da a dubu 50 aka ƙayyade, buhu 750 za a kawo, tazarar ta zama 50 zuwa 70, asarar miliyan 2 da rabi ce kawai. Da aka ninka ragin daga dubu 10 zuwa dubu 20 sai asarar ta ninka sau huɗu, saboda tsayin alwatikar da faɗinta duk tare suke ƙaruwa. Shi ya sa ƙayyadewar da ta fi burge jama'a a labarai, irin wadda za a ce an zaftare kusan rabi, ita ce ta fi yin ɓarna. In kuma aka sa iyakar sama da farashin kasuwa, a ce dubu 70 alhali ana sayarwa 60, babu abin da ya canza, babu rara da ta motsa babu alwatika, sanarwa ce kawai.

Inda abin ya fi damuna shi ne miliyan 25 ɗin nan da muka ce masu saye sun samu, a takarda ne kawai take tsayawa. Lissafin ya ɗauka cewa buhu 500 ɗin za su faɗa hannun waɗanda suka fi matsuwa da su ne, a kuma farashin gwamnati, ba layi ba cuwa-cuwa. Mu da muka ga layin mai mun san ba haka ake yi ba. Ka tuna layin nan na tsaye ya taɓa layin masu saye a dubu 80, ma'anarsa idan buhu 500 ne kacal a gari akwai masu biyan dubu 80 a kan kowanne. Duk wanda ya samu a 40 yana riƙe da abin da zai iya juyarwa a 80 kafin la'asar, kuma wa ke fara samu? Mai uwa a gindin murhu, ɗan uwan dillali, jami'in da aka turo ya tabbatar an bi doka. Idan duka 500 suka bi ta bayan fage aka sayar a 80, rarar masu saye na gaskiya ta dawo miliyan 5 kacal, miliyan 20 kuma ta tafi aljihun 'yan tsakiya, talaka da yake kuka da 60 yanzu 80 yake biya. Ko da an yi adalci an raba ta hanyar ƙuri'a tsakanin masu neman 1,500 ɗin, matsakaicin darajar buhu a wurinsu dubu 70 ce, rarar kowane buhu 30, sau 500 miliyan 15 kenan, har yanzu ƙasa da 20 ɗin da suke da ita kafin a taimake su. Ga kuma yinin da mai facin taya ko mai ɗinki ya kashe a layi bai buɗe shago ba, shi ma asara ce da ba ta cikin alwatikar. Saboda haka alwatikar ita ce mafi ƙarancin abin da aka rasa, ba ita ce duka ba.

Kuma duk mun gani da idonmu ai. An yi shekaru kafin 2016 ana cewa farashin kananzir na gwamnati naira 50 ne lita, amma mace nawa ce a unguwanninmu ta taɓa saye a haka? Galibi sama da ninki biyu ake saye a hannun 'yan kwalba, bambancin kuma yana hannun masu takardar ɗauko kaya daga defo, duk da cewa a lokacin gwamnati har tallafi take zubawa. Farkon 2016 fetur yana naira 86 da kwabo 50 a hukumance, masu shigo da mai ba sa samun dala a farashin gwamnati da zai sa su fita a wannan kuɗin, sai suka janye, motoci na kwana a gidan mai, 'yan bumburutu na jere da jarkoki a bakin titi suna sayarwa yadda suka ga dama. A watan Mayu aka mayar da shi 145, an sha zafi ƙwarai, amma layin ya watse. Dattawa kuma ba su manta 1984 ba, lokacin da sojoji ke shiga kasuwa suna tilasta a sayar da kaya a farashin gwamnati, sabulu da madara da sukari suka ɓace daga kan teburi aka koma bin dogon layi.

To a kasuwar gaske ba wanda zai zana maka layuka, yaya za ka gane alwatikar tana nan? Kada ka tambayi farashin da aka rubuta a allo, ka tambayi motoci nawa suka sauke kaya wannan makon idan aka kwatanta da kafin doka, wannan shi ne faɗinta. Sannan ka tambayi nawa ake sayarwa a bayan shago, tazarar da ke tsakaninsa da farashin gwamnati ita ce kusan tsayinta. Akwai kuma alamun da ke ɓoye, mudu ya ƙanƙance, buhu ya zo da tsakuwa da ƙaiƙayi, ko a ce ba za a sayar maka da sukari ba sai ka haɗa da wani kayan da ba ka nema ba, duk hanyoyi ne da farashin gaskiya ke dawowa ta taga.

Akwai hujjoji biyu da masu goyon bayan ƙayyadewa ke kawowa waɗanda nake ganin suna da nauyi, ba zan tsallake su ba. Ta farko, wannan lissafi naira yake ƙirgawa ba yunwa ba. Wanda zai iya biyan dubu 90 ba lallai ya fi mai dubu 45 jin yunwa ba, ƙila mai gidan kaji ne, shi kuma ɗayan marayu yake ciyarwa. Wannan gaskiya ne, kuma al'umma tana da damar ta ce ta yarda a yi asarar wani abu domin abinci ya kai ga mara ƙarfi. Amma sai a tambaya shin ya kai ɗin? Ƙayyadewa ba ta san fuskar talaka ba, mai mota da mai ƙafa duk farashi ɗaya, kuma mai mota ne ke da ɗan aike da zai tsaya masa a layi. Shi kuma wanda aka karɓe wa miliyan 15 ɗin, a harkar hatsi yawanci ƙaramin manomi ne da bai fi mai sayen ƙarfi ba.

Ta biyu ita ce ai an riga an girbe, masarar tana rumbu, ko an sauke farashi dole a fito da ita. A zane wannan na nufin layin masu kawo kaya ya miƙe tsaye, in kuwa haka ne adadi ba zai ragu sosai ba, alwatikar ta zama 'yar siririya, abin ya zama canza hannu kawai. Ga tumatir da ke ruɓewa cikin kwana kaɗan maganar tana da ƙamshin gaskiya na ɗan lokaci. Amma masara tana ajiyuwa watanni, tana kuma hawa mota, in Kano ta ƙayyade sai ta nufi wata jihar ko ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Babbar asarar ma sai damina ta gaba take fitowa, lokacin da manomin da ya faɗi bara zai rage taki ko ya juya gonar zuwa waken suya ko riɗi da ba a ƙayyade ba, a lokacin kuwa an manta da dokar, sai a ce 'yan kasuwa ne suka sake ɓoye kaya.

Wurin da na yarda ƙayyadewa na aiki shi ne inda mutum ɗaya ko 'yan tsiraru suka mamaye kaya suna rage fitarwa da gangan domin farashi ya hau. A can dama alwatikar tana nan tun kafin gwamnati ta sa baki, su suka haƙa ta, kuma in aka sa iyaka daidai, sama da kuɗin da suke kashewa wurin samarwa, rage kaya ba zai ƙara musu komai ba, sai su ƙara fitarwa asarar ta ragu. Shi ya sa ake sa wa kamfanonin wutar lantarki farashi a ƙasashe da dama. Malamanmu ma sun san wannan bambancin tun tuni, hadisin Anas ya nuna an roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina da kaya suka yi tsada bai yi ba, sannan kuma ya haramta ɓoye abinci domin a ƙuntata wa jama'a, daga nan ne wasu malaman suka halatta wa hukuma ta sa baki idan mamaya ta tabbata. Gwajin ɗaya ne a ko'ina, bayan an sa doka kaya ya ƙaru a kasuwa ko ya ragu?

Ga hatsi kuwa ni abin da zan roƙi gwamnoninmu shi ne su taɓa layin masu kawo kaya maimakon su zana layi a kwance. A misalinmu in aka rage wa kowane buhu dubu 10 na kuɗin kawo shi kasuwa, ta hanyar taki mai sauƙi da cire shingayen karɓar kuɗi a hanya da tsaron da zai bar manomin Zamfara da Katsina ya shiga gonarsa, farashi zai sauko zuwa dubu 55 ne, amma buhunan da ake sayarwa su hau 1,125, rarar masu saye ta wuce miliyan 25 ta gaske ba ta takarda ba, ta manoma ita ma ta wuce 25. Fitar da hatsi daga rumbun gwamnati, kamar tan 42,000 da aka ba da umarnin fitarwa a Fabrairun 2024, shi ma ta wannan ɓangaren yake aiki matuƙar kayan sun isa hannun jama'a. Wanda kuma ko a 55 ɗin ba zai iya saye ba, shi ne ya kamata a nemo da sunansa da unguwarsa a ba shi kuɗi ko hatsi a hannu, kuɗin da aka kashe a rubuta shi a kasafi inda majalisa da 'yan jarida za su iya tambayar ina ya tafi.